Farashin da ke kan allo ba shi ne kuɗinka ba

Abin da ya ishe ni kwanan nan shi ne masu ɗora hoton allon wayarsu a soshiyal midiya, suna nuna wani ƙaramin hannun jari a kasuwar NGX ta Legas ya tashi da kashi 60 cikin ɗari, sannan su ce wa matasa a bi su a yi arziki. Tambaya ɗaya nake yi musu: ka sayar? Shiru kake ji.

Lambar nan da suke tutiya da ita farashin ciniki ne na ƙarshe, wanda wasu mutum biyu suka ƙulla, wataƙila jiya, wataƙila makon jiya. Ba alkawari ba ne. Idan ka buɗe manhajar dillalinka za ka ga layi biyu: Bid, wato tayin masu saye, da Offer, wato abin da masu kaya za su sallama. Duk wanda ya taɓa kai rago kara ya san waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Mai saye nan take a kan Offer yake biya, mai sayarwa nan take tayi yake karɓa, tazarar da ke tsakani kuwa daga aljihun mai gaggawa take fita.

Mu ƙaddara kana da hannun jari 200,000 na wani ƙaramin kamfani, farashin ƙarshe naira 4. Allo ya ce kana da naira 800,000. Ka leƙa layin masu tayi: wani na son 20,000 a kan 3.80, wani 30,000 a kan 3.70, wani 50,000 a kan 3.60. Daga nan babu kowa, domin dokar kasuwar ba ta barin farashi ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 a yini guda. Idan ka sallama wa dukkansu, rabin kayanka ka sayar, ka karɓi naira 367,000 maimakon 400,000, tun dillali da hukumomi ba su cire nasu ba. Sauran rabin yana nan ya yi kwantai. In kasuwa ta tashi a 3.60, gobe ƙasan ya koma 3.24, kuma kai da kanka ka ja shi can.

Wanda ya shiga ranar ma bai tsira ba. Masu kaya suna kan 4.20, tayi mafi tsoka 3.80. Da sayensa ya yi asarar kwabo 40 a kan kowane ɗaya, sai tayi ya tashi sama da kashi 10 kafin ya ga uwar kuɗinsa. A hannun jarin manyan bankuna irin su Zenith da GTCO, inda miliyoyi ke sauya hannu kullum, tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Ba mugunta ce ke buɗe tazarar ba, tsoro ne. Mai tayi ya san idan ya saya, shi ma zai iya yin makonni yana neman wanda zai karɓa, don haka yake rage kuɗi tun daga farko. Yana kuma zargin ko ka san wani abu game da kamfanin da shi bai sani ba, tunda ba kowa ke bin diddigin irin waɗannan kamfanoni ba. Ga kuma matsalar da aka fi kau da kai a kanta: kamfanoni da dama, masu su da iyalansu sun riƙe mafi yawan hannun jarin, ɗan abin da ke yawo a kasuwa bai fi cikin cokali ba. Ƙa'idar NGX ga kamfanonin babban rukuninta ta ce kashi 20 ya kasance a hannun jama'a, amma akwai hanyar cika sharaɗin da darajar kuɗi ko da kason bai kai ba.

Masu cewa “ai dogon zango muke yi, ba ruwanmu da tazara” su tambayi waɗanda rushewar kasuwar hannun jari ta 2008 ta rutsa da su. Shekaru suka yi riƙe da takardun da aka rubuta musu kwabo 50, ga farashi a rubuce, mai saye babu, har aka cire dokar da ta hana farashi sauka ƙasa da kwabo 50 a 2018 aka ga wasu sun gangara zuwa kwabo 20. Kuɗin makaranta da na asibiti ba sa jiran dogon zango.

Haushina ya fi yawa a kan manhajojin da ke rubuta “ribarka” da koren launi manya-manya, su ɓoye layin tayi a can ciki. Cinikin biri a sama ke nan. Hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar na iya tilasta musu nuna abin da mutum zai samu in ya sayar yanzu, NGX kuma ta daina lallaɓa kamfanonin da suka ƙi sakin hannun jari ga jama'a. Kafin nan, kafin ka saya, duba nawa ake cinikinsa a yini cikin wata guda. In abin da kake shirin riƙewa ya fi cinikin yini ɗaya, fita za ta ɗauke ka kwanaki. Ranar sayarwa kuma ka sa Limit order, ka yanka farashinka da kanka, ka riƙa fitar da kayan kaɗan-kaɗan.