Imel ɗin neman karatu da ake turawa da gaisuwar Hausa cikin Turanci

Tun da aka shiga lokacin neman guraben karatu a ƙasashen waje, wata wasiƙa ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai, ana cewa ita ce samfurin imel da za a tura wa farfesan da ake so ya duba aikin digiri na uku. Masu neman tallafin Commonwealth da na PTDF suna kwafarta, su canza suna, su tura Birtaniya. Na karanta ta raina ya ɓaci, domin duk wanda ya rubuta ta da Hausa ya yi tunaninsa, sannan ya bi kalma bayan kalma yana juyawa. Da wasu suka yi gyara a zauren, sai aka taso musu da cewa ladabi ne, al'adarmu ce, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da masu wannan kariya nake.

Wasiƙar ta buɗe da “After greetings and good wishes, how is your family and how is the tiredness?” Kowane Bahaushe ya san asalinta: bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya iyali, ina gajiya. A wurinmu wannan gaisuwa tana da amsa a shirye. Ka ce ina gajiya, a ce ba gajiya, ka ce yaya iyali, a ce lafiya lau, ba wanda yake jiran a ba shi labarin ciwon ƙafar uwargida. Farfesan da ke Leeds ko Glasgow bai san wannan amsa ba. Abin da ya gani shi ne baƙon da bai taɓa jin sunansa ba yana tambayar iyalinsa, yana kuma nuna kamar ya ga alamar gajiya a tare da shi. Layi uku sun wuce, har yanzu bai san wane ne mai rubutun ba, bai san abin da yake so ba, ga wasu saƙonni jibge suna jiransa.

Layin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na tsakiya: “I am your boy, please for God's sake help me and accept me.” A Kano idan matashi ya ce wa babba ni yaronka ne, girmamawa ce, yana sa kansa ƙarƙashin inuwar dattijo, dattijon kuma ya san nauyin da aka ɗora masa. A Turanci kalmar ba ta ɗauke da wannan alkawari, kuma tana da tarihi mai ɗaci, domin da ita Turawan mulkin mallaka ke kiran barorinsu ko da sun yi furfura. Daga nan muka samo kalmar boyi. Mai digiri na biyu, wataƙila malamin jami'a mai mata da 'ya'ya, ya zauna ya kira kansa da wannan suna da hannunsa.

Don Allah kuwa ta fi muni idan aka juya ta. Mu da ita muke tausasa roƙo, ko ruwa za ka nema a gidan mutane da ita za ka fara. “For God's sake” a bakin Bature magana ce ta wanda haƙurinsa ya ƙare, irin wadda ake faɗa cikin tsawa. Haka abin yake da ka yi haƙuri, wadda wasiƙar ta mayar “be patient”. Mu afuwa muke nema, shi kuwa mai karantawa umarni ya ji, kamar ana ce masa ya cika gaggawa. To ina ladabin da ake karewa? Yaron ya yi niyyar rusunawa, amma abin da ya isa can tsawa ce da umarni, haɗe da ƙasƙantar da kai.

Masu kariyar suna ɗauka cewa Turanci ba shi da ladabi, don haka sai mun kai masa namu. Yana da shi, wurin ajiyarsa ne daban. Mu muna zuba girmamawa a gaisuwa da addu'a da kirari, su kuma suna sa ta a yadda aka gina roƙon, a bar wa mutum ƙofar cewa a'a, a kuma taƙaita don kada a ci masa lokaci. Ɗalibin da ya rubuta “Dear Professor” da sunan mahaifin malamin, ya faɗi sunansa da jami'ar da ya gama a jimla ɗaya, ya ambaci takardar farfesan da ya karanta da yadda ta haɗu da bincikensa kan, a ce, noman gero a Jigawa, sannan ya tambaya “Would you be willing to consider supervising this project?”, ya gama girmama shi. Ya nuna ya san aikinsa, bai kuma matsa masa ba. Ya liƙa takardar tarihin karatunsa da tsarin binciken, ya rufe da “Kind regards” da cikakken sunansa. Layi takwas ko goma sun isa.

Akwai kuma dalilin da ya sa roƙo ke cutar da mai shi a wannan wuri musamman. Farfesa ba sadaka yake rabawa ba. Abokin aiki yake nema wanda zai yi shekara uku ko huɗu yana bincike, yana iya ce masa wannan lissafin bai yi ba. Wasiƙar da ta cika da “help me” da “May God increase your greatness”, wato Allah ya ƙara girma, tana nuna masa mutumin da ba zai iya musu da shi ba. Ga kuma “Dear Respected Sir” da ake turawa ba a duba ba, alhali farfesoshi da yawa mata ne. Bahaushen da ba zai taɓa ce wa Hajiya ranka ya daɗe ba, shi ne yake kiran mace “Sir” saboda samfurin da ya kwafa haka ya ce.

Su kuma masu cewa gaisuwar Hausa ɓata lokaci ce da ya kamata mu yar gaba ɗaya, ba su cancanci dogon martani ba, su je su shiga zauren mahaifinsu ba sallama su gani.

Rufewar wasiƙar, “Yours obediently”, ita ce ta nuna mini cewa laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Rabinta naka mai biyayya ce, rabi kuma gadon ofisoshin zamanin En'e, lokacin da ma'aikaci ke rufe takarda da “your obedient servant”. Turawan da suka kawo salon sun daɗe da barinsa, mu muna nan muna koyar da shi. Ɗalibi zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ya iya jera adireshi biyu a wasiƙar hukuma, ya shiga jami'a ya ci darasin Turanci na shekarar farko, ya fita ba malamin da ya taɓa faɗa masa cewa “well done” ba ta nufin sannu da aiki, yabo ne da babba ke yi wa ƙarami idan ya yi abin kirki. Sai ya tura wa shugabar ƙungiyar agajin da yake neman aiki a cikinta “Well done, ma”, yana ganin ya gaishe ta.

Malaman Turanci a jami'o'inmu na Arewa, waɗanda yawancinsu da Hausa suka tashi, su ne suka fi kowa sanin inda harsunan biyu ke saɓawa. Su ware ko da mako biyu ne su ɗauki imel na gaske su bi shi layi-layi da ɗalibai. Masu kula da zaurukan nan kuma su goge wannan samfuri yau, kafin wani yaron ya sake tura shi.