Gibin da Ke Cikin Tukunyar Gas da Iskar da Ke Cikin Shago

Babban bambancin da nake gani tsakanin ƙananan masu sayar da gas a ƙasar Turai da nake zaune da takwarorinsu na gida shi ne wurin da ake yin aikin da ya fi haɗari. A nan, mai ƙaramin shago ba ya cika tukunya. Mutum ya kawo masa wadda ta ƙare, ya karɓa, ya miƙa masa cikakkiya mai hatimi a baki, sannan motar kamfani ta zo ta kwashe fankon zuwa babbar ma'aikatar cikawa, inda ake duba kowace tukunya, a auna ta, a ware wadda ta lalace. Tukunyar mallakar kamfani ce, saboda haka gwada ta da gyaranta suna wuyansa. A gida kuwa, galibi tukunyar ta mai ita ce, yana kawo ta ne a zuba masa gwargwadon abin da ya nema, kuma wanda ke zubawar shi ne mai awo, shi ne mai duba lafiyar tukunya, shi ne mai ajiya, duk a ɗaki guda. Ba na ganin mutanen nan sun fi namu hankali ko tsoron wuta. Abin da aka yi musu shi ne an ɗauke musu nauyi biyu, cikawa da gwaji, mu kuwa har yanzu suna kan ɗan kasuwa, don haka wajibi ne ya san abin da ma'aikatar ta sani.

Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne abin da ke cikin tukunyar ruwa ne. Gas ɗin girki haɗi ne na furofen da butan, waɗanda ake matsawa har su zama ruwa, kuma wannan ruwan yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha ninki goma ko sama da haka. Duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri 10, girmansa kan ƙaru da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Wannan ne ya sa ba a cika tukunya har baki, ake tsayawa a wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, a bar sauran wurin ga tururin gas. Gibin nan shi ne wurin da ruwan zai faɗaɗa idan rana ta yi zafi, kuma muddin yana nan, ƙarfin matsi a cikin tukunyar yana hawa ne sannu a hankali. Da zarar ruwan ya cinye gibin ya taɓa ko'ina, sai lissafi ya canza gaba ɗaya, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma ƙarin zafi kaɗan zai ɗaga matsin da sauri har bawul ɗin kariya ya buɗe ya fesar da gas, ko kuma, idan babu shi ko ya toshe da tsatsa, jikin tukunyar ya kumbura ko waldarta ta tsage.

A ɗauki misalin tukunyar kilo 12.5. A wuyanta ko a hannunta akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfe: TW na nufin nauyinta idan babu komai a ciki, WC kuma yawan lita na ruwan da za ta iya ɗauka. A ce TW ya nuna kilo 13, WC kuma lita 26. Idan an zuba kilo 12.5 na haɗin furofen da butan, zai ci kimanin lita 22, ya bar gibin lita 4, kuma sikeli ya kamata ya tsaya a kilo 25.5. To a ce mai tukunyar ya kawo ta da sauran kilo ɗaya da rabi a ciki, mai cikawa bai ɗora ta a sikeli ya kwatanta da TW ba, sai kawai ya zuba kilo 12.5 a kan abin da ya tarar. Sikeli zai nuna kilo 27. Wannan ƙarin ya cinye kusan lita 3 daga gibin, abin da ya rage bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba, wato wajen kashi 5 cikin ɗari. Idan da sanyin safiya aka cika ta, zafi yana digiri 25, sannan aka jefa ta a bayan mota ko aka bar ta a rana har ƙarfen ya kai digiri 45, gibin ya ƙare ke nan. Babu wanda ya yi mugun nufi a cikin wannan labari, mai saye ma yana iya tafiya yana murnar tukunyarsa ta yi nauyi.

Akwai wani abu da ke ƙara wa lamarin wuya, wanda a nan aka magance shi ta hanyar raba gas ɗin biyu, kowanne da tukunyarsa da regiletarsa. Furofen ya fi butan rashin nauyi, ya kuma fi shi ƙarfin matsi nesa ba kusa ba, don haka tukunyar lita 26 da za ta ɗauki kimanin kilo 13 na butan ba ta wuce kilo 11 na furofen zalla. Ɗan kasuwan da bai san haɗin da aka kawo masa ba yana iya zuba adadin da ya saba, ya cika tukunyar fiye da kima ba tare da sikelinsa ya yi masa ƙarya ba. A ganina, tambayar mai kawo kaya irin haɗin da ya kawo tana daidai da tambayarsa yawan kilo.

Saboda haka sikeli mai gaskiya, wanda ake gwadawa lokaci-lokaci da wani nauyi da aka tabbatar da shi, shi ne kayan kariya na farko a wannan sana'a, kafin ma na'urar kashe gobara. A auna tukunya kafin zubawa, a cire TW don sanin abin da ya saura, a auna bayan an gama. Tukunyar da lambobinta suka goge, ko gindinta ya ci tsatsa har ya yi ramuka, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, ko ta taɓa shiga wuta, ba ta cancanci cikawa ba, ko da mai ita zai yi fushi ya tafi wani wurin. A ƙasashe da dama ana sake gwada tukunya duk bayan shekara 10, ana buga kwanan gwajin a jikinta, kuma inda babu kamfanin da ke bin wannan kwanan, idon mai cikawa kaɗai ya rage.

Abu na biyu shi ne inda tukwanen ke kwana. A nan, abin da aka saba gani a gefen shago shi ne keji na ƙarfe a waje, mai raga ta kowane ɓangare, a kulle, tukwane a tsaye a ciki, nesa da ƙofa da bakin kwata. A gida, tsoron ɓarawo kan sa a shigar da komai ɗaki da yamma, a ja ƙofar ƙarfe, a rufe kowace kafa. Tsoron ɓarawo gaskiya ne, ban raina shi ba, amma ya kamata a san abin da ake saya da wannan kullewar. Tururin gas ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka idan ya yi yoyo ba ya tashi sama ya fita ta taga, yana kwanciya ne a ƙasa yana malala kamar ruwa zuwa rami ko lambatu ko ƙarƙashin kanta. Lita ɗaya ta ruwansa tana zama kimanin lita 250 ta tururi, kuma yana kama wuta idan ya kai tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari na iskar wurin.

Ɗakin da ke da mita 3 a tsawo da faɗi da tsayi yana ɗauke da iska mita kubik 27. Kashi 2 cikin ɗari na wannan ya ɗan haura rabin mita kubik, kuma kilo ɗaya na gas yana ba da kusan wannan adadin. Ma'ana, kimanin kilo guda daga tukunya ɗaya ya isa ya kai ɗakin duka bakin kamawa, kuma tun da a ƙasa yake taruwa, iskar da ke daidai ƙafa za ta kai wannan matakin tun kafin kilon ya gama fita. Abin da ya rage shi ne tartsatsi, wanda zai iya fitowa daga makunnin fitila, ko firjin da ke kunna kansa cikin dare, ko janareta a bakin ƙofa, ko ƙarfen ƙofar da ya gogi siminti da safe. Taga a saman bango ba ta maganin wannan. Idan dole sai an ajiye a ginin da ke da bango, kafofin iska su kasance a ƙasa daidai daɓe, a bango biyu masu fuskantar juna, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin ko a samansa. Kejin raga mai kwado ya fi wannan duka, domin yana hana ɓarawo ba tare da ya hana iska ba.

Tukunyar da ake ce wa fanko ma a kejin take kwana, bawul a rufe, saboda cike take da tururi. Kowace tukunya kuma a tsaye za a ajiye ta, a tsaye za a ɗauke ta, domin idan aka kwantar da ita ruwan ne ke zuwa bakin bawul, kuma yoyon ruwa ya fi yoyon tururi haɗari nesa ba kusa ba.

Warin da ake ji ba na gas ɗin ba ne, wani sinadari ne ake zuba masa da gangan don hanci ya gano yoyo tun kafin ya kai matakin kamawa. Sai dai wanda ke wuni a cikin warin hancinsa kan saba, shi ya sa na fi yarda da ruwan sabulu. Kafin a tashi da yamma, a shafa shi a bakin bawul da mahaɗar tiyo da regileta, duk inda kumfa ta yi ta tasowa to akwai yoyo. Sauran alamun su ne ƙara siririya kamar ta huci, da raɓa ko farin ƙanƙara a jikin bawul, domin ruwan gas yana sanyaya abin da ya taɓa idan yana zama tururi. Tukunyar da aka samu da yoyo a fitar da ita fili nesa da wuta da kwata, a sa mata alama, kada a cusa mata leda ko roba a baki a mayar da ita cikin sauran.

Idan kuma da safe aka tarar da wari mai ƙarfi a bakin shago, kada a kunna ko a kashe komai na lantarki, kada a yi waya a wurin, a sa maƙwabta su kashe wuta da janareta, a buɗe ƙofa a hankali ba tare da ta gogi ƙasa ba, a ja da baya har iska ta wuce, sannan mutum ɗaya ya shiga ya rufe bawul. Idan yoyon ya riga ya kama wuta kuma ba za a iya kai hannu ga bawul ba, kashe harshen wutar yana barin gas ya ci gaba da taruwa ba a ganinsa, don haka a kira 'yan kwana-kwana, a kawar da mutane nesa, kuma idan akwai hali a riƙa watsa ruwa daga nesa a jikin tukwanen da ke kusa don kada zafi ya fasa su.