Ƙannena Masu Zuwa IT: Gwanintar Taku Ce, Bayanan Kuwa Amana Ce

Wani saurayi ya taɓa zuwa wajenmu neman aikin ajiye lissafi. Ya yi IT ɗinsa, wato horon aikin da ake tura ɗalibai, na wata shida a wani kamfanin dillancin kayan masarufi, kuma da na ce ya nuna mini abin da ya iya, sai ya buɗe kwamfutarsa ya fito da wani fayil na Excel. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ya tsara yadda za a gane wanda ake bi bashi, nawa ake binsa, da kwana nawa bashin ya yi. Amma ina duba layi na farko sai jikina ya yi sanyi, domin sunayen mutane ne na gaskiya, ga lambobin wayarsu, ga abin da ake bin kowa. A cikinsu har da wani dattijo da na sani, wanda na tabbata iyalinsa ma ba su san yana ɗauke da wannan nauyi ba. Ban ɗauki yaron ba, kuma abin ya dame ni, domin ba mugunta ce ta sa shi ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa. Shi ya sa nake rubuta muku wannan.

Na san matsin da kuke ciki. Tun 1973 da hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kafa SIWES, shirin da ake tura ku IT a ƙarƙashinsa, abin da ɗalibi yake fitowa da shi a hukumance shi ne logbuk mai sa hannun oga da rahoton da zai kai makaranta. Waɗannan na samun maki ne. Mai ɗaukar aiki ba ya karanta logbuk, so yake ya ga abin da hannunka ya yi. To dole ka haɗa ɗan kundin ayyuka, wanda ake kira fotfoliyo, kuma mafi kyawun aikin da ka taɓa yi yana can cikin kwamfutar mutanen da suka karɓe ka. A nan ne ƙafa take zamewa.

Duk aikin da ka yi a wurin IT abu uku ne a cakuɗe. Akwai bayanan mutane: sunan kwastoma, lambar waya, lambar asusu, BVN, NIN, albashin ma'aikaci, ciwon majinyaci. Akwai sirrin gidan: farashin da suke saro kaya, wajen wa suke saye, ribar da suke ɗorawa, cinikinsu na wata. Sannan akwai dabarar da ka koya, wato yadda ka gano matsala da yadda ka warware ta. Na ukun nan kaɗai ne naka. Biyun farko an buɗe maka su ne don ka yi aiki, kuma barin wurin bai mayar da su naka ba, ko da kai ka buga kowane harafi da yatsunka. Bayanan mutane ma ba na ogan ba ne ballantana ya yi maka kyautarsu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke sa ido a kanta, ta ɗora wa kamfani alhakin tsare su, kuma ta ƙara tsanantawa a kan bayanan lafiya. Wanda ya yi horo a asibiti ya sani cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta wajabta rufe sirrin majinyaci.

Bari mu ɗauki aikin wancan saurayi mu ga yadda ya kamata ya yi.

Abin da yawancinku za su fara tunani shi ne a goge sunaye a bar sauran. Wannan bai isa ba. A ce ka mayar da sunan mutum "Kwastoma 7", amma ka bar cewa yana Kasuwar Singa, yana ɗaukar buhun sukari 400 duk mako, kuma bashinsa ya haura kwana 60. Masu ɗaukar wannan adadi a kasuwa ɗaya ba su da yawa, kuma 'yan kasuwa sun san juna sarai. Ɗan ciki yana gani zai kira maka sunansa. Wasu kuma sai su ninka kowace lamba da biyu, suna ganin sun ɓatar da sawu. Su ma ba su tsira ba, domin wanda ya fi kowa bashi yana nan a sama, watan da ciniki ya faɗi yana nan a bayyane, kuma duk wanda ya san lamba ɗaya ta gaskiya zai iya lissafo sauran.

Hanya mai tsafta ita ce a sake gina aikin daga tushe. Ka buɗe sabon fayil fari fat a kan kwamfutarka, ba ka kwafi na ofis ka danna Save As ba. Ka ƙirƙiri kamfanin da babu shi, da kwastomomi 60 masu suna irin "Shago 01" zuwa "Shago 60", ba tare da lambar waya ba, domin lambar da ka ƙaga da ka tana iya zama ta wani bawan Allah. Kuɗin bashin kuma ka bar Excel ya zuba maka:

```
=RANDBETWEEN(20000,900000)
```

Ka ja shi ƙasa zuwa layi 300, sannan ka kwafa ka liƙa da Paste Special, ka zaɓi Values, don lambobin su tsaya wuri ɗaya su daina sauyawa. Daga nan sai ka gina ainihin abin da ka iya: jimillar bashin kowane shago da SUMIFS, kwanakin da bashi ya yi, rabon su gida uku (ƙasa da kwana 30, daga 30 zuwa 60, da wanda ya wuce 60), da jan launin da ke kunna kansa idan bashi ya tsufa. Idan matsalar da ka tarar a ofis ita ce an rubuta sunan mutum ɗaya ta hanya uku, har jimilla take rabuwa, to ka saka irin wannan kuskuren da gangan a bayanan ƙirƙira, ka nuna yadda ka gyara shi. Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi mai ɗaukar aiki yake son gani. Ni ban damu da ko bashin naira nawa ne ba. Ina so in ga ko ka fahimci dalilin da ya sa jimilla take yin ƙarya.

Sake ginawar nan tana da wani amfani da ba a faɗa muku. Idan ka zauna gaban fayil fari ka kasa maido da aikin, to ka gano da wuri cewa ba kai ka yi shi ba, cike gurbi kawai ka yi a tsarin wani. Gara ka gano haka a ɗakinka da ka gano shi a gaban masu intabiyu.

Me ya sa na dage sai sabon fayil? Domin fayil yana riƙe abin da ido ba ya gani. Shafin da aka ɓoye yana dawowa da danna Unhide. Wanda ya fi kama mutane shi ne PivotTable: ka goge shafin da bayanan suke, ka bar taƙaitaccen tebur kana ganin an gama, alhali teburin yana ɗauke da kwafin bayanan a cikinsa, kuma idan wani ya danna lambar jimilla sau biyu sai layukan su fito masa a sabon shafi. Haka baƙin akwatin da ake ɗorawa a kan suna cikin PDF, sau da yawa rubutun yana nan a ƙarƙashi, ana iya kwafo shi a liƙa a wani wuri a karanta. Excel yana da abin bincike da ake kira Inspect Document, a ƙarƙashin File sannan Info, wanda ke tono ɓoyayyun shafuka da sunan marubuci, ka saba amfani da shi ko a kan sabon fayil ɗin. Ku masu rubuta manhaja, labarinku ɗaya ne da Git: goge fayil ɗin `.env` a sabon commit bai cire shi daga tarihi ba. Idan mabuɗin kamfani ya riga ya hau GitHub, ka gaya wa oga a ranar don a soke shi a sauya wani, kada kunya ta sa ka yi shiru.

Hoto ma a kula. Ka tsaya a ofis ka ɗauki kanka kana aiki, ba ka lura da allon da ke bayanka ba, ko takardar da ke kan tebur. Magana zarar bunu ce, hoton da ya hau intanet kuwa ya fi ta wuyar dawowa.

Saura izini. Ko da bayananka duk ƙirƙira ne, ambaton sunan kamfanin da faɗin sakamakon aikin suna buƙatar yardarsu. Cewa "na rage basukan da suka tsufa" tana gaya wa duniya cewa kamfanin yana fama da bashi, kuma ba kowa ke son a ji haka ba. Da farko ka koma ka karanta duk takardar da ka sa wa hannu ranar da ka fara, domin wasu wurare sun rubuta ƙarara cewa duk abin da ka yi mallakarsu ne. Idan ba ka sa hannu a komai ba, kada ka ɗauka an sakar maka mara, amana ba ta jiran takarda. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya: ka je wurin mai kula da kai kamar mako uku kafin ka gama, lokacin da yake ganin fuskarka kullum, riƙe da samfurin da ka gina. Kada ka tambaye shi a dunƙule ko za ka iya nuna aikinka, domin amsar da ta fi masa sauƙi ita ce a'a. Ka ce masa: "Yallaɓai, ga wannan na sake ginawa da lambobin ƙirƙira, babu sunan kowa a ciki. Ina neman izinin nuna shi wajen neman aiki, kuma ina so in san ko zan ambaci sunan kamfani ko in ce wani kamfanin dillanci kawai." Idan ya amince, ka roƙe shi ya tabbatar maka a imel ko saƙon waya, ka adana. Oga yana iya barin wurin, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba.

Idan ya ƙi ambaton suna, ka cire suna ka nuna samfurin. Idan ya ƙi gaba ɗaya, ko kuma wurin na gwamnati ne ko banki ko asibiti inda ƙa'ida ta fi tsauri, ka bar wannan aikin, ka ɗauki dabarar ka yi wani daban da ita, kamar lissafin adashen unguwa ko kayan sito na shagon da ka ƙirƙira. A shafi ɗaya ka rubuta matsalar da ka tarar, abin da ka yi, abin da wasu suka yi, da kayan aikin da ka yi amfani da su. Biyu ko uku irin wannan sun ishe ka kundi. Kuma a saman kowanne ka rubuta a fili cewa bayanan ƙirƙira ne, don kada wani ya ɗauka na gaskiya ne ya zarge ka da laifin da ba ka yi ba.

A intabiyu wani zai matsa maka da tambaya, ya ce nawa ne cinikinsu a wata, ko wa ke ba su kaya. Wani gwaji yake yi, wani kuwa abokin gogayyarsu ne yana neman labari a ɓagas. Amsa ɗaya ce ga dukkansu, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wannan ba nawa ba ne da zan faɗa, amma ga yadda na yi lissafin." Sai ka juya masa kwamfutar ka buɗe fayil ɗin Shago 01.