Masu haƙa burtsatse, ku daina tura farashi a layi ɗaya

Yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai haƙa rijiyar burtsatse da wanda ya ba shi aiki tana farawa ne tun ranar da aka tura farashi. Mutum ya ce a yi masa kwoteshan, sai a tura masa layi ɗaya a WhatsApp: "Alhaji, miliyan uku ne komai da komai." Shi Alhaji a ransa komai da komai ya haɗa da tanki, da ƙarfen da za a ɗora tankin, da jan bututu har cikin gida. Shi kuma mai inji abin da yake nufi shi ne rami da famfo. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma bayan wata biyu za ka same su gaban mai unguwa kowa yana rantsuwa.

Ra'ayina shi ne duk aikin da ya kai a kira shi kwangila, a rubuta farashinsa a imel, kuma imel ɗin ya amsa tambayoyi huɗu ba tare da an sake buga waya ba: me za a yi, nawa ne, farashin zai tsaya zuwa yaushe, sannan me ake jira daga mai aikin, wato wanda ya ba da kwangilar. Na ɗauki burtsatse ne saboda aiki ne da ba ka ganin ƙarshensa sai ka shiga ƙasa.

A Kano da kewayenta galibin ƙasar tana zaune ne a kan dutse mai tauri. Ruwan yana taruwa a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogin da ke ƙasa, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa a mita 45, kai kuma da ke bayan katangarsa ka wuce mita 70 ƙura kawai ke tashi. Binciken ƙasa da ake yi da na'ura kafin haƙa yana nuna inda aka fi kyautata zato, amma ba ya ba da tabbaci. To wanda ya san haka kuma ya yanka farashi dunƙule ba tare da ya ambaci zurfi ba, ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko ya yi asara, ko ya tsaya a tsakiyar aiki yana neman ƙari. Na biyun ne ya fi yawa, kuma shi ne ya sa mutane ke yi wa masu sana'ar kallon 'yan damfara.

Ga yadda nake ganin ya kamata imel ɗin ya kasance. A ce wata makaranta ce mai zaman kanta a bayan gari ta nema. Alƙaluman na misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsa a ranar da yake rubutawa.

Taken saƙo: Farashin haƙa rijiyar burtsatse a harabar makaranta, lamba 014

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Shugaban Makaranta,

Bayan ziyarar da muka kai harabar makarantar, ga farashin aikin.

Binciken ƙasa da rahotonsa: ₦150,000
Kai inji da ɗauke shi: ₦200,000
Haƙa, mita 60 a kan ₦25,000 kowace mita: ₦1,500,000
Bututun rijiya mai inci 5, da mataci, da tsakuwa, da siminti: ₦450,000
Wanke rijiya da gwajin yawan ruwa: ₦150,000
Famfon cikin rijiya mai ƙarfin doki ɗaya, da wayarsa da bututunsa: ₦400,000
Jimla: ₦2,850,000
Harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari: ₦213,750
Abin da za a biya: ₦3,063,750

Wannan farashi bai haɗa da tanki, da ƙarfen ɗora tanki, da jan bututu zuwa banɗakuna, da janareta ko sola, da gwajin ingancin ruwa a ɗakin bincike ba.

Idan aka kai mita 60 ba a samu isasshen ruwa ba, za mu tsaya mu sanar da ku. Ba za mu ƙara ko mita ɗaya ba sai kun amince a rubuce, kuma kowace mita tana nan a ₦25,000. Idan aka samu ruwa kafin mita 60, za a rage kuɗin mitocin da ba a haƙa ba. Idan rijiyar ba ta ba da ruwa ba gaba ɗaya, za ku biya kuɗin bincike, da na kai inji, da rabin kuɗin haƙa, mu mayar muku da ragowar abin da kuka bayar.

Farashin yana nan daram har zuwa ranar 17 ga Maris. Bayan wannan rana sai mun sake duba kasuwa.

Idan kun amince, sai ku amsa wannan saƙon da cewa kun amince da lamba 014, sannan ku biya kashi 60 cikin ɗari, wato ₦1,838,250, a asusun kamfani da ke cikin takardar da muka maƙala. Za mu yi bincike cikin kwana uku da shigar kuɗin, inji ya iso cikin mako guda bayan binciken. Kashi 30 za a biya bayan gwajin ruwa, kashi 10 ranar miƙa aiki.

Mun gode. Allah ya sa mu yi aiki tare.

Shi ke nan, bai cika shafi guda ba.

A wurina layin da ya fi kowanne daraja a wannan saƙo shi ne na "bai haɗa da". Shi ne kuma wanda masu sana'a suka fi gudun rubutawa, don suna ganin zai sa mai aiki ya ga kamar farashin bai cika ba, ya koma wurin wanda ya ce masa komai da komai. Haka ne, wani lokaci zai koma ɗin. Amma shugaban makarantar nan ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Zai kai takardar gaban mai makarantar ko kwamitin iyayen yara, a ware masa kuɗi daidai abin da ya nuna. Idan daga baya ya gano babu tanki a ciki, dole ya koma ya sake roƙo, ya ji kunya a gaban mutanen da suka yarda da shi, kuma wannan kunyar a kanka zai huce ta. Da ka faɗa masa tun farko, da ya haɗa kuɗin tankin cikin roƙo ɗaya.

Maganar zurfi ma haka take. Duba lissafin: idan aka zarce daga mita 60 zuwa 80, ƙarin ₦500,000 ne, da harajinsa ₦537,500. Kuɗi ne mai nauyi. Wanda ya karanta farashin mita ɗaya tun kafin inji ya shigo zai iya yin wannan lissafin da kansa ya tanadi wani abu a gefe. Wanda kuwa aka kira shi da tsakar rana, inji na ruri a harabarsa, aka ce ya turo rabin miliyan ko a naɗe kaya, ji zai yi an ritsa shi ne, ko da gaskiya ake faɗa masa. Sannan ka lura na sa ragin ma a ciki. Mai aiki da ya ga ka rubuta cewa za ka rage masa idan ruwa ya zo da wuri, ba zai yi maka gardama ba ranar da ka ce a ƙara.

Kan rijiyar da ta ƙi ba da ruwa, na san akwai saɓani tsakanin masu sana'ar. Wasu na cewa mai aiki ya biya kuɗin haƙa duka, tunda an ƙona man gas kuma an biya ma'aikata. Wasu na tallar cewa in babu ruwa babu biya, sai su cusa kuɗin haɗarin cikin farashi ba tare da sun faɗa ba. Ni raba asarar na fi so, musamman idan kai ne ka yi binciken ka nuna wurin. Amma ko wanne mutum ya zaɓa, ya rubuta shi. A misalin nan abin da makarantar za ta rasa ₦1,100,000 ne kafin haraji, kuma ta san da haka tun kafin ta sa hannu.

Wa'adin farashi kuwa, duk wanda ya yi kasuwanci a Najeriya cikin 'yan shekarun nan ba ya buƙatar dogon bayani. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake samu a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024. Famfo daga waje yake zuwa, injin haƙa da kwamfuresa man gas suke sha, bututu da siminti ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Wanda ya ba da farashi babu wa'adi ya bar ƙofa a buɗe: mai aiki zai iya dawowa bayan wata huɗu da takardarka a hannu ya ce ya shirya. Ko ka yi aikin da asara, ko ka janye maganarka. Kwana 14 ya ishi irin wannan aiki a ganina. Kuma a rubuta ranar ƙarewa da sunan wata, domin "mako biyu" yana jawo tambayar ko daga ranar turawa ne ko daga ranar da aka buɗe saƙon. Amma fa wa'adi kaifi biyu ne da shi. Idan mutum ya amince ranar 16 ga Maris, ko famfo ya yi tsada ranar 15, farashin da ka rubuta shi za ka riƙe.

Harajin VAT ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Idan kamfaninka na karɓarsa, nuna shi a layinsa daban. Idan ba ya cikin farashin, faɗi haka ƙarara, domin akawun makaranta ko na ƙungiya shi zai fara nema.

Akwai masu cewa mutanenmu ba sa buɗe imel, kuma yawan rubuce-rubuce yana nuna kamar ba ka yarda da mutum ba. Na farkon akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma maganinsa mai sauƙi ne: tura imel ɗin da takardar PDF a maƙale, ka jefa kwafi a WhatsApp, sannan ka buga waya ka gaishe shi ka ce ka turo. Imel ɗin yana ajiye rana da lokaci, kuma wanda ya tura shi ba zai iya goge shi daga akwatin ɗaya ɓangaren ba. Na biyun kuma ban yarda da shi ba. Mai aikin ne ya fi kowa cin moriyar rubutun, tunda shi ne zai saki kusan miliyan biyu kafin ya ga ɗigon ruwa.

Saura batun asusu. Sunan da ke kan asusun ya zama shi ne sunan da ke saman takardar farashin, kada a ba da na ƙane ko na direba. Yana da kyau kuma a ƙara jimla ɗaya a ƙasan saƙon cewa kamfani ba ya canza lambar asusu ta imel, duk wanda ya ga saƙon canji ya kira lambar wayar da ya sani kafin ya tura ko sisi. 'Yan damfara kan kutsa akwatin imel su zauna shiru sai an zo gaɓar biya, sannan su turo sabuwar lamba da sunanka.

Idan kwana uku suka rage wa'adi ya cika ba ka ji komai ba, tura gajeren saƙo a ƙarƙashin na farkon, ka tuna masa ranar 17, ka tambaya ko akwai layin da yake son a yi masa bayani. Idan ya nemi ragi ko ya ce a sa tanki, kada ku ƙare maganar a waya. Fitar da sabuwar takarda mai lamba 014-B da sabon wa'adi, ka rubuta a samanta cewa ta soke ta farko.