Alƙiblar Zariya ba gabas sak ba ce

"Malam, ai alƙibla gabas ce, in na fuskanci mafitar rana ba shi ke nan ba?"

A'a, ɗan'uwa. Mafitar rana yawo take yi. A Zariya, ƙarshen Yuni rana na fitowa kusan daidai alƙibla, amma a Disamba, lokacin hunturu, ta kauce wa alƙibla zuwa kudu da fiye da digiri 45.

Da yake duniya ƙwallo ce, ana neman kusurwar da hanya mafi gajarta zuwa Ka'aba ke farawa da ita ne, ana aunawa daga arewa a karkato gabas:

```
tan q = sin D / (cos A × tan B − sin A × cos D)
```

A nan q ita ce kusurwar alƙiblar da ake nema. A shi ne latitud ɗin garinka, na Zariya 11.07. B na Ka'aba ne, 21.42. D kuwa tazarar longitud, a cire 7.70 na Zariya daga 39.83 na Makka, saura 32.13. Sama zai ba ka 0.532, ƙasa 0.222. Ka raba, ka samu kusan 2.39, ka danna tan⁻¹, sai digiri 67 ya fito. Wato in ka fuskanci gabas sak, sai ka karkata hagu da digiri 23. Wannan karkata ba kaɗan ba ce, musamman ga mai ja wa masallaci layin harsashi.

Ka tabbata kalkuletarka na kan DEG, don RAD na ɓata lissafin. Kamfas kuma ƙarfe na ruɗa shi, ka nisanci rodi da mota in za ka auna.

In kana son tabbatarwa, ranar 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe agogon Najeriya rana na saman Ka'aba. Ka kafa sanda a tsaye, ka tsaya a ƙarshen inuwarta ka fuskanci sandar, alƙibla ke nan.