An wanke shi, to wa zai biya shi shekarunsa?

Duk lokacin da labari ya bazu a Gombe cewa kotu ta wanke wani bayan ya sha ɗauri, sai ka ji ana cewa ai yanzu gwamnati za ta biya shi miliyoyi. Jama'a, ba haka dokar take ba.

Mu ɗauki misali. Wani matashi mai tuƙa keke napep daga Kumo, an kama shi da zargin fasa shago. Ya kwana 21 a bayan kanta kafin a kai shi gaban alƙali, an jibge shi har ya dangwala hannu a takardar da aka rubuta da Turanci, alhali ko baƙi bai iya karantawa ba. Babbar Kotu ta dogara da wannan takarda ta ɗaure shi shekara 10.

Daga ranar hukunci yana da kwana 90 ya shigar da ɗaukaka ƙara. Yawanci a nan ake yin asara, domin dangi suna can suna kuka da neman ƙafa wajen manya har wa'adin ya wuce. Ko ya wuce ana iya roƙon ƙarin lokaci, sai dai dole a kawo dalili mai ƙarfi. Sannan ga haɗa kundin shari'a a aika sama, wanda shi ne ke cin watanni da kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake kiran shaidu daga farko, kundin take karantawa. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar azabtarwa, amma ana son lauya ya yi jayayya tun lokacin da aka miƙa takardar, domin a yi ƙaramar shari'a a kanta. Idan ya yi gum a ranar, gyara daga baya yana da wuya. Mu ce an yi jayayyar, alƙalai suka soke hukuncin bayan yaron ya yi shekara 6 a gidan yari.

A lura da ƙofar da mutum ya fito ta cikinta. Akwai wanda aka sallama aka wanke, akwai wanda aka ce a sake masa shari'a, akwai kuma wanda gwamna ya yi wa afuwa da ikon sashe na 212 na Tsarin Mulki. Afuwa tana buɗe ƙofa, amma ba ita ce kotu ta ce ba ka yi ba.

To maganar diyya fa? Sashe na 35(6) na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Kwana 21 ɗin nan sun shiga ciki, tunda kwana ɗaya aka yarda a riƙe mutum idan akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kwana biyu. Dukan ma yana iya neman haƙƙinsa, kuma ƙa'idojin 2009 na ƙarar tauye haƙƙi ba su sa wa'adin shigarwa ba.

Shekara 6 ɗin kuwa, wannan sashe na 35 ɗin ya halatta tsare mutum bisa hukuncin kotu, ko da daga baya an soke shi. Alƙali kuma ba a ƙararsa a kan hukuncin da ya yanke. Abin da ya rage shi ne ya yi ƙarar wanda ya ƙulla masa sharrin, ya tabbatar cewa shi ya tayar da shari'ar, ba da dalili ba, kuma da mugun nufi. Wane mai keke ne zai iya wannan bayan kekensa ma an sayar?

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, Najeriya ta shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙin jama'a da siyasa a 1993, wadda sashenta na 14(6) ya tanadi diyya ga wanda sabuwar hujja ta nuna an ɗaure shi bisa kuskure, amma Majalisar Tarayya ba ta mayar da ita dokar gida ba.

Ko wanda ya ci nasara, karɓar kuɗin wani yaƙi ne. Sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni Janar, wato lauyan wanda ka kayar. Nasiru Bello, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a Oyo a 1981 alhali ɗaukaka ƙararsa tana gaban kotu, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ba iyalansa naira 7,400.