Kafin ka ce RSI ta kai 70, lissafa ta da hannu ko sau ɗaya

Ra'ayina ne, kuma na tsaya a kansa: wanda bai taɓa lissafa RSI, wato ma'aunin da ke kwatanta ƙarfin tashin farashi da na faɗuwarsa a kasuwa, da biro da takarda ba, bai kamata ya riƙa saye da sayarwa saboda ita ba. Da yawa an haddace "70 a sayar, 30 a saya", amma ka tambayi inda 70 ɗin ta fito, sai a hau kame-kame. Alhali lissafin bai wuce tarawa da rabawa ba.

J. Welles Wilder ne ya fito da wannan ma'auni a 1978, kuma kwana 14 ya yi amfani da su. Farashin rufewa, wato farashin ƙarshe na kowace rana, kaɗai ake dubawa. Don a samu sauyi 14, sai an tanadi farashin rufewa 15, tunda kowane sauyi bambanci ne tsakanin yau da jiya. Mu ɗauka ga sauye-sauyen da muka samu:

```
+4 -1 +2 +1 -2 +3 +2 -1 +1 +3 -2 +2 -1 +3
```

Tara tashin wuri guda, 21 ke nan. Tara faɗuwar ita ma, ka cire mata alamar ragi, 7 ke nan. Yanzu raba kowanne da 14: matsakaicin tashi 1.5, matsakaicin faɗuwa 0.5. Sai a zuba su a nan, inda RS take nufin matsakaicin tashi an raba shi da na faɗuwa:

```
RS  = 1.5 / 0.5 = 3
RSI = 100 - 100 / (1 + RS) = 75
```

A wajen rabawar nan mutane ke yin tuntuɓe. Wani zai ga kwana 9 aka tashi, 5 aka faɗi, sai ya raba 21 da 9, ya raba 7 da 5. A ido kamar ya fi hankali, amma RSI ɗinsa za ta fito 62.5 maimakon 75. Dalili kuwa, ranar da farashi ya faɗi, tashinta sifili ne, kuma sifilin nan yana cikin lissafi. Wanda ya zubar da shi ya manta cewa ranakun tashi sun fi yawa.

Sai rana ta gaba, inda ainihin aikin Wilder yake. A ce farashi ya faɗi da 2. Ba a jefar da rana ta farko a sake tarawa. Tsohon matsakaici ake ninkawa sau 13, a ƙara na yau, a raba da 14:

```
tashi  = (1.5 * 13 + 0) / 14 = 1.393
faduwa = (0.5 * 13 + 2) / 14 = 0.607
RS  = 2.294
RSI = 69.6
```

Duba da kyau: matsakaicin tashi ya ragu duk da ba a cire masa wata rana ba, don sifili aka ƙara masa. Da kuwa ka bi hanyar jefar da tsohuwar rana, +4 ɗin farko za ta fita gaba ɗaya, tashi ya koma 17, faɗuwa 9, RSI ta sauko 65.4. Farashi ɗaya, amsa biyu. Ni na fi yarda da ta Wilder, saboda a ɗaya hanyar ma'aunin yana zabura don wani abin da ya faru makonni biyu baya ya fice daga lissafi, ba don kasuwa ta yi wani sabon motsi ba.

Wannan ne ma ya sa idan ka yi naka lissafin sai ka ga ya ɗan saɓa da na manhaja. A hanyar Wilder tsofaffin ranaku ba sa ɓacewa, nauyinsu ne ke raguwa a hankali. Manhajar ta faro daga can nesa, kai ka faro daga kwana 15 baya. Ci gaba da lissafi, za ka ga tazarar tana tsukewa. In ta ƙi tsukewa, to ka koma ka duba yadda kake fitar da matsakaici. Af, idan babu faɗuwa ko ɗaya a kwanakin, ba a rabawa da sifili, 100 ake rubutawa.

To mene ne 70? Juya lissafin baya, za ka tarar RS ta zama 7 bisa 3, wato matsakaicin tashi ya ninka na faɗuwa sau biyu da sulusi. Iya abin da lambar ta faɗa ke nan. Ba ta ce masu saye sun gaji ba, ba ta ce gobe za a faɗi ba. Kasuwar da ke hawa kaɗan-kaɗan tana ja da baya ƙanƙani za ta iya zama sama da 70 tsawon makonni, wanda ya sayar a ranar farko yana kallo. A misalinmu ma, saukowa daga 75 zuwa 69.6 faɗuwar rana ɗaya tak ce ta jawo ta, kuma har yanzu tashi ya ninka faɗuwa fiye da sau biyu.